Yadda za ka zaɓi foldojin da za su zauna a laftof mai ƙaramar ma'adana, sauran su tsaya a OneDrive

Tambayar da aka fi kawo mini a 'yan kwanakin nan, daga ɗalibai da masu shagon buga takardu da masu hoto a nan Gombe, kusan iri ɗaya ce: laftof ta cika, layin `C:` ya yi ja, kuma da aka bincika sai aka ga foldar OneDrive, wato ma'adanar intanet ta Microsoft, ita ce ta cinye wurin. Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake saye na hannu 128 GB gare su, wasu ma 64 GB, alhali abin da mutum ya tara a intanet ya ninka haka. Gyaran shi ne ka hana kwamfutar kwaso komai, ka ware mata foldojin da za ta riƙe, sauran su zauna can har sai ka neme su.

Zan yi bayanin da OneDrive a kan Windows 10 da 11, tunda da shi kwamfutar take zuwa. Masu Google Drive, naku na ƙasa. A bi matakan a jere yadda suke, domin mafi yawan asarar fayil da ta data daga tsallake mataki take fitowa.

Abin da za ka tanada: caji cikakke ko wuta tsayayya, intanet mai ɗan ƙarfi, kalmar sirrin asusunka na Microsoft, takarda da biro, sai filash ko ma'adanar waje idan kana da ita.

1. Auna wurin da kake da shi

Buɗe `File Explorer`, danna `This PC`, ka karanta abin da ke ƙarƙashin `C:`. Wadda aka sayar maka a matsayin 128 GB za ka ga tana nuna wajen 118 ko 119, ba cutarka aka yi ba, bambancin lissafi ne da ɗan abin da Windows ke keɓe wa kansa. Daga nan shiga `Settings`, `System`, `Storage`, ka ga nawa Windows da manhajoji suka ci.

Bari mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. Mai hoto ne a Pantami, yana ɗaukar biki da suna, yana kuma tsara katin gayyata. Laftof ɗinsa na nuna 118 GB. Windows da manhajojin aikinsa sun ɗauke 52. Saura 66. A shawarata ya bar 20 babu komai a ciki, saboda sabunta Windows na buƙatar fili, kuma kwamfutar da ta cika maƙil nauyi take yi. Ke nan abin da zai iya bai wa fayilolinsa bai wuce 46 GB ba, kuma a cikin wannan ne hotunan da zai kwafo daga kyamara gobe za su samu wuri. A OneDrive kuwa yana da 140 GB, don yana biyan Microsoft 365 mai ba da 1 TB.

Ka lura: asusun kyauta 5 GB kawai yake bayarwa. Idan naka na kyauta ne, wannan aikin ba zai samar maka fili fiye da 5 GB ba, duk yadda ka yi. Matsalarka tana wani wuri, wataƙila a foldar `Downloads`, wadda ba ta cikin OneDrive sai in kai ka sa ta.

2. Kasa foldojinka gida uku, a takarda

Nan ne ainihin aikin, kuma ba a kan kwamfuta ake yin sa ba. OneDrive na da hanyoyi biyu na rage kaya, mutane na cakuɗa su. Ta farko tana barin sunan fayil a bayyane amma cikinsa na intanet, sai ka danna shi ya sauko. Ta biyu tana cire foldar daga kwamfutar ɗungurungum, ko sunanta ba za ka gani ba sai ka shiga ta burauza. Idan ka haɗa da waɗanda za su zauna dindindin, kashi uku ke nan. Kamar mai shago ne a babbar kasuwa: akwai kayan da ke kan kanta, akwai wanda samfurinsa kawai ke rataye ana ɗauko shi in an tambaya, akwai kuma wanda ke kulle a sito.

Ga yadda mai hotonmu ya raba nasa. Kashi na ɗaya, masu zama: `Aikin bana` 14 GB, `Samfuran kati` 3 GB, `Takardu` 2 GB, jimla 19. Kashi na biyu, masu bayyana da suna kawai: `Tsofaffin ayyuka` 13 GB, saboda wani lokaci kwastoma kan dawo ya ce a sake buga masa katin bara. Kashi na uku, waɗanda za a cire: `Hotunan biki` 70 GB da `Bidiyo` 38 GB, ayyukan da aka riga aka miƙa wa masu su.

Tambayar da za ka yi wa kowace folda ita ce: idan aka kira ni aiki Dukku ko Nafada, sabis ya yi rauni, ko datata ta ƙare da daddare, rashin wannan foldar zai tsayar mini da aiki? In amsar e ce, ta shiga kashi na ɗaya. In kana buɗe ta jefi-jefi, kashi na biyu. In rabonka da ita ya yi watanni, na uku.

Me ya sa ba za a bar komai a kashi na biyu ba, tunda sunan fayil ba ya cin wuri? Saboda abin da ake gani ana iya taɓa shi. Yaron shago zai iya danna bidiyon 4 GB bisa kuskure ya fara sauka a kan datarka. Wata manhaja mai lalube hotuna za ta iya jawo su ɗaya bayan ɗaya. Hannu kuma zai iya goge foldar. Manyan kaya masu nauyi sun fi aminci idan ba sa kan kwamfutar kwata-kwata.

Wani abu da za ka gyara tun yanzu: ana zaɓe ne folda-folda. Idan aikin bana da na shekara uku baya suna cakuɗe a folda guda, sai ka raba su tukuna. Matsar da fayil daga wata folda zuwa wata a cikin OneDrive ba ya sa a sake ɗora shi, don haka ba zai ci maka data mai yawa ba.

3. Tabbatar komai ya hau kafin ka taɓa komai

Dubi alamar gajimare a ƙasa kusa da agogo. In ba ka gan ta ba, danna 'yar kibiyar da ke ɓoye alamomi. Danna gajimaren ka karanta abin da ya rubuta a sama. Abin da kake nema shi ne `Your files are synced`, ko `Up to date` a tsohon zubi. Idan kibiyoyi biyu na zagayawa a jikinsa, bai gama ba. Idan jan da'ira ce mai gicciye, akwai fayil da ya maƙale. Idan gajimaren toka-toka ne an ja masa layi, ba ka ma shiga asusun ba, kuma duk abin da ka ajiye tun lokacin yana kan laftof ɗin kaɗai.

Kada ka tsaya a nan. Buɗe burauza, shiga `onedrive.com`, ka nemi foldojin da kake shirin cirewa. Shiga ciki, ka buɗe fayil biyu ko uku na baya-bayan nan ka ga sun buɗu. Kwatanta girman foldar a can da wanda ke kwamfutar.

Gargaɗi: fayil ɗin da bai hau ba ba shi da kwafi a ko'ina. Abubuwan da suka fi hana hawa su ne asusun da ya cika, fayil da ke buɗe a wata manhaja, da sunan da ke ɗauke da ɗaya daga cikin `" * : < > ? / \ |`. Danna gajimaren zai nuna maka sunan fayil ɗin da dalilin. Gyara shi, ka jira ya hau. In kana da ma'adanar waje, wannan ne lokacin kwafe manyan foldojin a kai, tun suna kan kwamfutar. Bayan an cire su, kwafewar sai da data.

4. Sa wa datarka linzami

Idan da hotsifot ɗin waya kake aiki, gaya wa Windows cewa wannan layin na kuɗi ne. Shiga `Settings`, `Network & internet`, `Wi-Fi`, ka buɗe bayanan layin wayarka, ka kunna `Metered connection`. Sannan a OneDrive, danna gajimare, danna alamar giya mai haƙora irin ta inji, `Settings`, `Sync and backup`, ka tabbatar zaɓin dakatawa a kan layin da ake aunawa yana kunne. Da haka OneDrive zai tsaya da kansa duk lokacin da ka hau hotsifot, sai ka ce ya ci gaba.

Wannan yana da nasa haɗarin. Muddin yana tsaye, sabon aikinka ba ya hawa. Wanda ya kunna wannan ya manta zai iya yin sati biyu yana zaton aikinsa na ajiye a intanet alhali ba haka ba. Don haka ka ware lokaci, ko da na garaɓasar datar dare ne, ko wurin da ke da wayifai, ka sake shi ya gama.

Kuɗin aikin duka a data yake. Cire folda da mayar da ita gajimare, wato ta koma intanet sunanta kawai ya rage, kusan ba sa cin komai. Abin da ke ci shi ne ɗorawa da saukewa. Lissafin mai sauƙi ne: girman foldar a GB, sau kuɗin da kake sayen 1 GB.

5. Kafe kashi na ɗaya tukuna

Buɗe foldar OneDrive a `File Explorer`. Za ka ga alama kusa da kowane fayil, ko a layin `Status`. Shuɗin gajimare na nufin fayil ɗin na intanet kaɗai. Farar da'ira mai koren maki na nufin yana kan kwamfutar a yanzu, amma Windows na iya mayar da shi gajimare. Koriyar da'ira cikakkiya mai farin maki na nufin an kafe shi, ba mai taɓa shi.

Danna kowace foldar kashi na ɗaya da maɓallin dama, ka zaɓi `Always keep on this device`. Jira har alamarta ta zama koriya cikakkiya. Daga yanzu duk sabon fayil da ya shiga wannan foldar, ko daga wayarka ka tura shi, zai sauko da kansa.

Dalilin sa wannan mataki a gaba shi ne kuɗi. Foldojin mai hotonmu masu 19 GB suna kan laftof ɗin tun asali, kafe su ba zai ci masa ko sisi ba. Da ya fara da kwashe komai sannan ya dawo ya kafe, sai ya sake sauke 19 GB ɗin da kuɗinsa.

Gargaɗi: a cikin `Settings` na OneDrive, ƙarƙashin `Advanced settings`, akwai maɓallai biyu a sashen `Files On-Demand`. `Free up disk space` yana mayar da dukkan fayilolinka gajimare, har waɗanda ka kafe. `Download all files` kuma yana ƙoƙarin sauke komai, wato 140 GB a kan ma'adanar da ba ta kai haka ba. Ka bar su duka biyun, ba su ne hanyarmu ba.

Idan ka danna dama ba ka ga waɗannan zaɓuɓɓuka ba sam, danna maɓallin Windows da `R`, ka rubuta `winver`. Wannan tsarin ya fara ne daga Windows 10 zubin 1709 na shekarar 2017. Wanda ya girme shi sai an sabunta.

6. Mayar da kashi na biyu gajimare

Wannan gajere ne. Danna foldar da maɓallin dama, zaɓi `Free up space`. Alamun za su koma shuɗin gajimare. Don ka tabbatar, danna dama, `Properties`: layin `Size` zai ci gaba da nuna 13 GB, amma `Size on disk` zai faɗo kusan sifili. Na biyun shi ne gaskiyar wurin da take ci.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a wannan jagorar: kada ka taɓa neman fili da `Delete` a cikin foldar OneDrive. Fayil ɗin da ka goge a laftof ya gogu a intanet, ya gogu a wayarka, ko da alamar gajimare ce a jikinsa. Mutane da yawa na ganin gajimaren su ce ai yana can, bari in share na nan. Babu na nan da na can, abu guda ne. Haka ma yanke fayil ka kai shi wajen foldar OneDrive, daidai yake da cire shi daga intanet. In hakan ta faru, shiga `onedrive.com`, buɗe `Recycle bin`, ka dawo da shi. Asusun mutum na kansa kwana 30 yake ajiyewa, na makaranta ko wurin aiki yawanci kwana 93.

7. Cire kashi na uku daga kwamfutar

Danna gajimare, alamar giya, `Settings`, `Account`, sannan `Choose folders`. Jerin foldojinka zai fito, kowace da akwatin maki da girmanta. Cire makin waɗanda ka rubuta a kashi na uku, ka danna `OK`. Zai yi maka gargaɗin cewa za su bar wannan kwamfutar amma suna nan a intanet. Tunda ka yi mataki na 3, amince. Kana iya buɗe babbar folda da 'yar kibiyar gefenta ka cire wasu ƙanana ka bar wasu, misali ka cire hotunan 2022 da 2023 ka bar na watan jiya.

Ba shi lokaci ya gama, kada ka rufe laftof ɗin a tsakiya. Bayan nan koma `This PC` ka duba. A lissafin mai hotonmu, Windows da manhajoji 52, kafaffun foldoji 19, jimla 71, fili ya zama 47 GB. In ka ga wurin bai dawo yadda ka lissafa ba, duba kwandon sharar kwamfutar da foldar `Downloads`.

Akwai abubuwa uku da ke ba mutane matsala a nan. Na farko, za ka iya tarar da `Desktop`, `Documents` da `Pictures` sun ƙi cire maki. Dalili shi ne OneDrive na riƙe da su a matsayin ajiyar kwamfutar, abin da ake saitawa a `Manage backup`. Mafita mafi sauƙi ita ce ka kwashe manyan kayan daga cikinsu zuwa wata sabuwar folda a cikin OneDrive, ka jira ya gama, sannan ka cire makin sabuwar.

Na biyu, kada ka ƙirƙiri sabuwar folda da sunan wadda ka cire a wuri ɗaya. Mai hotonmu ya cire `Bidiyo`, bayan wata biyu ya manta ya buɗe wata ya sa mata `Bidiyo`, OneDrive zai tsaya ya ce akwai mai wannan sunan. Ya ba ta wani suna, kamar `Bidiyo sabo`, in an gama aikin ya haɗe su ta burauza.

Na uku ya shafi masu haɗa bidiyo. Fayil ɗin aikin ba ya ɗauke da hotunan da sautin a cikinsa, nuni yake yi zuwa inda suke. Idan ka kafe fayil ɗin aikin amma ka cire foldar da ɗanyen bidiyon yake, manhajar za ta buɗe ta ce ba ta ga kayanta ba. Duk aikin da ba a gama ba, shi da kayansa su zauna a folda guda, kafaffiya.

8. Gwada ba tare da intanet ba

Kunna `Airplane mode`. Buɗe fayiloli daga kowace foldar da ka kafe, har da na can cikin ƙananan foldoji. Dole su buɗu. Gwada ɗaya mai gajimare, za ka ga ya ƙi, haka ya kamata. In wani na kashi na ɗaya ya ƙi buɗuwa, saukarsa ba ta kammala ba, ka kunna intanet ka jira alamar ta cika. Ka riƙa maimaita wannan gwajin daren da za ka yi tafiya, ba da safe a tasha ba.

Ka sani kuma, binciken Windows na iya samo fayil mai gajimare da sunansa, amma ba ya iya leƙa abin da ke rubuce a cikinsa. Ɗalibin da ke neman wata jimla a cikin takardun karatunsa ya kafe foldar.

9. Hana ta sake cika

Duk fayil mai gajimare da ka buɗe yana saukowa ya zauna. Sannu a hankali kashi na biyu zai sake kumbura. Shiga `Settings`, `System`, `Storage`, `Storage Sense`, ka nemi sashen `Locally available cloud content`. Zaɓi adadin kwanakin da in ba ka buɗe fayil ba zai koma gajimare. Ni na fi son 30 ga mai sayen data, domin 1 ko 14 na sa ka yi ta sauke abu ɗaya kana biya. Wannan ba ya taɓa abin da ka kafe.

Idan Windows ya nuna maka saƙo cewa wata manhaja na sauke fayil daga OneDrive alhali ba kai ka sa ta ba, akwai zaɓin tsayar da saukar da toshe manhajar a jikin saƙon. Wadda ka toshe bisa kuskure ana sake ta a `Automatic file downloads`, cikin sashen sirri na `Settings`.

Sai al'ada guda: duk aikin da aka gama aka miƙa, ka matsar da shi daga `Aikin bana` zuwa foldar ajiya ta kashi na uku. Tunda foldar ajiyar ba ta kan kwamfutar, ta burauza za ka yi, da `Move to`. Zai ɓace daga laftof ɗin da kansa, filin ya dawo.

Wanda asusunsa na makaranta ne ko na ofis ya tuna ba mallakinsa ba ne. Ranar da ya gama ko ya bar aikin ana iya rufe shi, kuma abin da ke kashi na biyu da na uku can kaɗai yake. Ya sauke su a ma'adanar waje tun kafin lokacin.

Ga masu Google Drive

Rabon gida ukun da tabbatar da hawa duk ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. Kyautar Google 15 GB ce, kuma Gmail da Google Photos na ci daga cikinta. A manhajar `Drive for desktop`, shiga `Preferences`, a ɓangaren Drive za ka ga `Stream files` da `Mirror files`. Mai ƙaramar ma'adana `Stream files` zai zaɓa, domin `Mirror files` kwafin komai yake ajiyewa a kwamfutar. Fayilolin za su bayyana a wani sabon harafi, galibi `G:`. Foldar da kake so ta zauna, danna ta da dama, `Offline access`, `Available offline`. A Windows 11 sai ka fara danna `Show more options`.

Idan daga `Mirror files` ka sauya, tsohuwar foldar na nan a kwamfutar tana cin wuri, ba ta kuma haɗe da intanet. Bayan ka duba `drive.google.com` ka ga komai ya hau, kuma manhajar ta sake tashi a sabon tsarin, ita wannan tsohuwar ce za ka goge, ba abin da ke cikin `G:` ba. Takardun da aka rubuta da Google Docs ko Sheets kuma ba cikakkun fayiloli ba ne a kwamfutar, nuni ne zuwa burauza. Wanda zai yi aiki da su inda babu sabis ya kunna `Offline` a saitin Drive ta burauzar Chrome tun yana da intanet, ko ya sauke su a matsayin Word ko PDF ya sa a foldar da ya kafe.